Yadda za ka faɗa wa likitan Jamus inda ke maka ciwo

'Yan uwa mazauna Jamus, kafin ku je ganin likita ku riƙe kalmar "Schmerzen", wato ciwo. Ana manna ta ne a bayan sunan gaɓa: kai "Kopf" ne, ciwon kai ya zama "Kopfschmerzen". Ciki "Bauch", baya "Rücken". Sai ka ce "Ich habe Rückenschmerzen", wato ina ciwon baya.

Inda mu Hausawa muke tuntuɓe shi ne ciki. Mu komai ciwon ciki ne, amma a wurinsu "Bauch" cikin ne gaba ɗaya, "Magen" kuwa tumbi kaɗai. Na taɓa cewa "Magen" alhali a mara nake jin ciwon, likita ta yi ta danna ƙasan ƙirjina tana tambayar abin da na ci. Mara "Unterbauch" ce. Da na ɗora hannu a wurin na ce "Hier tut es weh", wato nan ne ke ciwo, da ba mu sha wahala ba.

Likita za ta tambaye ka "Seit wann?", tun yaushe. Kwana 3 ne? Ka ce "seit drei Tagen". Ka kuma faɗi irin ciwon: mai suka "stechend", mai ƙuna "brennend". In ƙirji, wato "Brust", ya danne ka har numfashi na sarƙewa, don Allah kada ka jira ranar ganin likita, kira lambar gaggawa 112.