Ribar takarda da ribar gaskiya: kurakuran masu ajiyar kuɗi

Kusan kowane mako sai wani matashi ya tsaya bakin shagona nan Tawa ya nuna mini littafin ajiyarsa ko saƙon banki a wayarsa, yana murna wai kuɗinsa sun haihu. Na gaji da maimaita magana ɗaya ga mutum ɗaya-ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta ta.

Babban kuskure shi ne ƙirga ajiya da jika maimakon a ƙirga ta da abin da za ta sayo. Ni kaina na ɗanɗana shi, kuma har yau in na tuna sai raina ya ɓaci. A farkon watan Yulin 2023 muka sayar da wani fili na gado, rabona ya kama sefa miliyan 1. Niyyata in cika shago da shinkafa, amma sai na ce bari in dakata damina ta wuce, na kai kuɗin banki na zuba a asusun ajiya. Irin wannan asusun a ƙasashen sefa na Yammacin Afirka yana ba da kashi 3 da rabi cikin 100 a shekara, haka dokar babban bankin yankinmu, BCEAO, ta tsara. Ranar da na zuba kuɗin, ƙaramin buhun shinkafa mai kilo 25 ina sarinsa jika 11. Ke nan miliyan ɗina buhu 90 ne har da canji.

Sai ga juyin mulkin 26 ga Yuli. Aka sa wa ƙasa takunkumi, iyakar Benin ta rufe, kayan da ke fitowa daga tashar Kwatano suka tsaya, daga baya sai an zagayo da su daga Lome ta Burkina Faso. Ni kuwa ina zaune hankali kwance, tunda kuɗina na banki ba wanda ya taɓa su. Da shekara ta zagayo na je na tarar da miliyan 1 da jika 35. Bankin bai cuce ni ba, abin da ya alkawarta shi ya ba ni. Amma buhun da na bari jika 11 na tarar da shi jika 15. Na tsaya gaban babban dillalin da nake sari wurinsa na buga lissafi a waya: buhu 69. Ya dube ni ya ce, "Alhaji, lafiya?" Na ce masa lafiya lau, buhu 21 ne suka ɓace mini ba tare da ɓarawo ya shiga shago ba. Jika 35 ɗin nan ita ce ribar takarda. Ribar gaskiya kuwa ita ce abin da ya rage bayan an cire abin da tsadar kaya ta cinye, kuma tawa a shekarar nan hasara ce tsagwaronta.

Lissafin ba wuya. Na gaggawa shi ne ka cire hauhawar farashi daga ribar da aka ba ka. A 2024 matsakaicin tashin farashi a Nijar ya kai wajen kashi 9 cikin 100. In an ba ka 3 da rabi, farashi ya tashi da 9, to ka yi baya da wajen 5 da rabi. In kana son na daidai, ka rubuta ribar 3 da rabi a matsayin 1.035, tashin farashi na 9 kuma 1.09, sai ka raba su a waya:

```
1.035 ÷ 1.09 = 0.9495
```

Ma'ana kowace jika 100 da ka ajiye ta koma tana sayo kayan jika 95. Duk lokacin da amsar ta fito ƙasa da 1, ajiyarka ramewa take yi ko da lambar da ke littafi na ƙaruwa. In ta haura 1, abin da ya hau kai shi ne naka na gaskiya.

Wani zai ce shi ba ya karɓar kuɗin ruwa, don haka wannan magana ba tasa ba ce. Taka ce ƙwarai. Wanda ya ɗaure kuɗinsa a leda ya tura ƙarƙashin katifa ribarsa sifili ce, to kashi 9 ɗin nan kusan duka a kansa ya sauka. Haka mai kiwon rago: ka saye shi jika 80, ka ci da shi dusa da harawa na jika 25, ka sayar jika 110 da layya, ka ce ka ci jika 30. Jika 5 ka ci, ita ma sai mun ga abin da hatsi ya yi cikin watannin nan.

Kuskure na biyu ya fi ba ni haushi, domin masu ilimin boko ne ke yin sa. Mutum ya ji a rediyo hukumar ƙididdiga ta INS ta ce farashi ya tashi da kashi kaza, sai ya ɗauki lambar ya ɗora wa kansa. Lambar nan matsakaici ce, an haɗa abinci da haya da sufuri da tufafi an fitar da ita. Kai don me kake tara kuɗin? Shinkafata daga jika 11 zuwa 15 ta tashi da fiye da kashi 36, ninki huɗu na lambar ƙasa. Mai tara kuɗin gini, farashin siminti da kwano ne nasa. Uwar da ke tara kayan ɗakin 'yarta, farashin gado da katifa da kwanuka ne nata. Haba jama'a, ka yi shekara biyu kana tara kuɗin rufin ɗaki, ko sau ɗaya ba ka leƙa ka tambayi bandir ɗin kwano nawa yake ba, sannan ranar saye ka zo kana salati a bakin shagon mutane!

To kada kuma a ce na ce kowa ya kwashe kuɗinsa ya sayi kaya. Farashi na sauka. Bayan kakar 2024 da ta yi albarka hatsi ya yi ta faɗuwa cikin 2025, waɗanda suka cika ɗakuna da buhuna suna jiran tsadar damina suka sayar ƙasa da yadda suka saya, ga kuɗin dako, ga ɓarnar ƙwari. A irin wannan shekara mai kuɗi a hannu shi ya ci, domin jikarsa ta ƙara ƙarfi ko ba a ƙara masa dala ba.

Sai masu bin naira. Wani ƙanena ya canza sefarsa zuwa naira a Ƙonni don ya ji ana ba da riba har kashi 20 a Najeriya. A 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30, naira kuma ta faɗi warwas gaban sefa. Da ya dawo canji, abin da ya karɓa bai kai wanda ya kai ba. Riba mai yawa a takarda galibi alama ce cewa kuɗin na zubewa da sauri.

Saura ƙanana ne. A adashi, mai kwasar ƙarshe shi ke ɗaukar tsadar, don haka ba na shiga wanda ya wuce wata shida. Bashin jika 200 da aka biya ka bayan shekara uku ba jika 200 ɗin da ka bayar ba ne. Ka bayar don Allah, amma kada ka lissafa shi cikin ajiya. Kuɗin kati da na saƙon waya da banki ke cirewa, a cire su daga ribar kafin a yi murna.

Abin da nake yi yanzu, ranar da na ajiye kuɗi sai in rubuta a bayan littafin shago farashin abin da nake nufin saye da su, tare da na tiyar hatsi da litar man gyaɗa. Duk farkon wata in sake tambayo farashin in raba, in ga buhu nawa ajiyata ta kama yau. In wata biyu a jere adadin buhunan na raguwa, ba na jiran na uku, rabin kuɗin nake fitarwa in sayi kayan, rabi in bar shi don lalurar gida da asibiti.