Yadda Ake Mayar da Filas zuwa exFAT Domin Mac ya Iya Rubutu a Kansa

Idan Mac yana buɗe abin da ke cikin filas amma ya ƙi adana sabon fayil a ciki, galibi tsarin filas ɗin NTFS ne, wanda macOS ke karantawa kawai. Domin tabbatarwa, a zaɓi filas ɗin a cikin Finder, a danna File, sannan Get Info, a duba layin Format.

Da farko a kwafe dukkan fayilolin zuwa kwamfuta, domin sauya tsari yana goge komai, kuma a buɗe biyu ko uku a ga sun kwafu lafiya. Bayan haka a buɗe Disk Utility, manhajar Mac ta sarrafa ma'adanar fayiloli, a danna View, a zaɓi Show All Devices, sannan a zaɓi filas ɗin kansa, ba sashen da ke ƙarƙashinsa ba, in ba haka ba layin Scheme ba zai fito ba. A nan ne ake yawan kuskure, saboda haka a duba suna da girma da kyau. A danna Erase, a sa ExFAT a Format, a sa GUID Partition Map a Scheme, sannan a tabbatar.

Kada a zaɓi MS-DOS (FAT), domin ba ya karɓar fayil ɗin da ya kai gigabait 4. Shi ma exFAT yana da rauninsa: ba ya ajiye bayanin rubutun da bai kammala ba, don haka a riƙa danna Eject kafin a zare shi.