Darasi: Yanka Atamfa Don Rigar Kushin Yadda Adonta Zai Daidaitu

Kowace atamfa tana da ado wanda yake maimaita kansa daga farkon turmi zuwa ƙarshensa, kuma nisan da ke tsakanin fure ɗaya da ɗan'uwansa mai kama da shi shi ne abin da za ku fara aunawa kafin ku ɗauki almakashi. A wannan darasi za mu ɗinka rigar kushin mai inci 16 a tsawo da inci 16 a faɗi, da atamfar da furenta yake da faɗin inci 9, yana kuma dawowa bayan kowane inci 12.

Ku fara wanke atamfar, ku shanya, ku goge ta. Sabuwar atamfa tana da sitati, kuma auduga takan ɗan tsuke a wankin farko, saboda haka awon da aka yi kafin wanki ba abin dogaro ba ne.

Domin ku gane ko girman adon ya dace da kushin, ku sami kwali ku yanke taga a tsakiyarsa, inci 16 kowane gefe, sannan ku riƙa ɗora shi a kan atamfar kuna dubawa. Abin da kuka gani ta cikin tagar shi ne abin da zai fito a fuskar kushin bayan an gama ɗinki. Furenmu mai inci 9 zai zauna a tsakiya, ya bar inci 3 da rabi a dama da hagu, kuma wannan ya yi kyau. Da a ce faɗin furen inci 20 ne, da babu yadda za a yi ya fito cikakke, kuma a ganina irin wannan atamfar gara a bar ta ga zanen gado ko labule.

Idan kun zaɓi furen, ku sa alama da alli a tsakiyarsa, ku auna inci 8 da rabi zuwa sama, da ƙasa, da dama, da hagu. Ƙyallen zai zama inci 17 kowane gefe, domin ɗinki zai cinye rabin inci a kowane baki. Kada ku haɗa da bakin atamfar inda aka buga sunan kamfani.

Wanda zai yi kushin biyu masu kama ɗaya, ya sani inci 17 ya wuce maimaici ɗaya, don haka tsakiyar kushin na biyu za ta kasance inci 24 ƙasa da ta farko, wato maimaici biyu. Inci 7 da ya rage a tsakani ya isa a yi hannun jaka ko aljihu. Ku yi wannan lissafin tun kafin ku je kasuwa, don kada yadin ya gaza muku.

Wurin da masu koyo suka fi samun matsala shi ne bayan kushin, inda ake haɗa ƙyalle biyu a sa zif a tsakaninsu. Mutum yakan raba fure gida biyu da almakashi, ya sake haɗa shi da keke, sai ya tarar inci guda na furen ya ɓace, domin kowane ɓangare ya ba da rabin inci ga ɗinki. Ado yana haɗuwa ne a kan layin da allura za ta bi, ba a bakin da aka yanka ba. Ga yadda ake yi. Ku yanke ƙyalle na farko, ku naɗe rabin inci na bakinsa ciki, ku danne da dutsen guga. Ku ɗora shi a kan sauran atamfar, kuna matsar da shi a hankali har ganye ya haɗu da ganye, layi ya haɗu da layi, ya zama ba a gane inda ɗaya ya tsaya. Ku ja alli a kan atamfar ta ƙasa daidai bakin naɗin, wannan shi ne layin ɗinkinku, sannan ku ɗage ƙyallen sama ku ƙara rabin inci ta wajen da ya rufe kafin ku yanka.

Ku yi ɗaurin zare da hannu tukuna, ku buɗe ku duba, domin keke yakan ja ƙyallen ƙasa fiye da na sama, furen ya goce.

Ku kula kuma da inda adon ya fuskanta. Yawancin atamfa fuskarta da bayanta suna kama da juna, saboda haka ku sa alamar alli a bayan kowane ƙyalle, tare da kibiya mai nuna sama. Wannan ya fi muhimmanci ga jaka, domin idan aka ninke ƙyalle ɗaya a gindinta, tsuntsu ko bishiyar da ke ɓangare ɗaya za su koma kai ƙasa. A irin wannan ado sai a yanka gaba daban, baya daban, a haɗa su a gindi.

Bayan kun sa zif, kun haɗa gaban kushin da bayansa fuska da fuska, kun ɗinke gefe huɗun da zif a buɗe, ku rage ƙyallen kusurwoyi ba tare da taɓa zaren ba, ku bi bakunan da ɗinki na biyu don kada su zare, sannan ku juya rigar ku goge.