Kafin ku rage girman C:

Ƴan uwa, in kuna son yanko sabon ɓangare daga C:, ku yi amfani da Shrink Volume cikin Disk Management. Windows ba ya goge fayilolinku, sarari kawai yake yankewa daga ƙarshen ɓangaren. Amma idan fayil ɗin da ba ya motsuwa, irin pagefile.sys, yana zaune kusa da ƙarshen, nan yankan zai tsaya. Shi ya sa sai ku ga 200 GB babu komai, amma 40 GB kaɗai aka yarda ku cire.

Haɗarin yana ga manhajojin da ke matsar da farkon ɓangare, domin sai sun kwashe bayanan zuwa wani wuri. Wuta ta ɗauke ana tsakiyar aikin, ɓangaren na iya ƙin buɗuwa. Don Allah ku fara kwafe muhimman fayiloli zuwa wani faifai daban, ba wani ɓangare na faifan nan ba.