Darasi: Yadda Ake Fitar da Kuɗin Sari Idan Farashi Yana Ta Hawa

Mai shago ya saro buhun sukari 10 a kan naira 60,000 kowanne. Da wata ya zagayo kaya sun tashi, ya ƙaro buhu 20 a kan 75,000. Buhu 30 ke nan, kuɗinsu 2,100,000. Ya sayar da 20 a kan 80,000, cinikinsa ya kama 1,600,000. To, nawa ne kuɗin sarin buhunan da suka fita? Sai an san wannan kafin a san riba.

Hanya ta farko ita ce na farkon shiga, shi ne na farkon fita. A takarda, tsofaffin buhuna 10 ne suka fara tafiya, kuɗinsu 600,000. Sauran 10 daga sabon sari suke, 750,000. Jimilla 1,350,000. Riba ta zama 250,000, buhu 10 da suka rage a shago kuma ana rubuta su a kan 750,000.

Hanya ta biyu ita ce matsakaicin farashi. A raba duk kuɗin sari da yawan buhuna: 2,100,000 a raba gida 30, kowane buhu ya tsaya 70,000. A nan mutane kan yi kuskure, su haɗa 60,000 da 75,000 su raba biyu, su sami 67,500. Wannan ba daidai ba ne, domin buhunan masu tsada sun ninka masu araha yawa. Da lissafi mai kyau, buhu 20 sun ci 1,400,000, riba 200,000, ragowar kaya 700,000.

Kuɗin da ke aljihun mai shago ɗaya ne a hanyoyin biyu. Bambancin 50,000 ɗin nan a littafi yake: hanyar farko ta sa shi cikin ribar yau, ta biyu ta jinkirta shi sai an sayar da ragowar.

Ga inda haɗarin yake. Idan ya ɗauki 250,000 ya kai gida, 1,350,000 ne zai koma kasuwa da shi, kuma a farashin 75,000 buhu 18 kawai zai sara a madadin 20. Ya taɓa uwar kuɗi bai sani ba. Alamarsa ita ce littafi yana nuna riba, shago kuwa yana ramewa. Shi ya sa a lokacin tsada na fi son matsakaicin farashi ga ƙaramin ɗan kasuwa, ko da yake shi ma bai rufe giɓin duka ba: mayar da buhu 20 sai da 1,500,000.

Kowace hanya ka zaɓa, ka tsaya a kanta, kada ka riƙa sauyawa wata-wata. Tsohon kaya kuwa shi za ka fara miƙa wa mai saye, don kada ya lalace.

Aikin yi: An saro buhu 5 a kan 40,000, sannan buhu 15 a kan 48,000. An sayar da 12. Fitar da kuɗin sarinsu ta hanyoyin biyu.