Yadda Ake Tace Bayanin Zaman da Aka Naɗa Kafin a Tura wa Jama'a

A ce an yi zaman sulhu a ofishin wata ƙungiyar 'yan kasuwa a kasuwar Mile 12 da ke Legas, tsakanin dillalin albasa da mutumin da ke aiko masa da kaya daga Arewa. Magatakarda ya naɗi zaman da wayarsa, da sanin kowa, tsawon minti 50. Yanzu shugaba ya ce a rubuta taƙaitaccen bayani a tura zauren WhatsApp na ƙungiya, mai mutum kusan 300.

A cikin muryar akwai sunayen mutanen biyu, da bashin naira miliyan 4 da dubu 350, da lambar asusun banki da aka karanto a fili. Akwai inda dillalin ya ce abin da ya hana shi biya shi ne an yi wa matarsa tiyata. Akwai kuma inda mai kayan ya zargi wani direba, wanda ba ya wurin, da karkatar da buhu 12.

Fara da mai karatu

Kafin ka taɓa muryar, rubuta a takarda su wa za su karanta, kuma me za su yi da bayanin. Mambobi 300 ba sa buƙatar komai sai su san an yi zama, an sasanta, ga kuma ƙa'idar da ƙungiya ta fitar don gaba. Kwamitin sulhu ne ke buƙatar adadin kuɗi da ranakun biya, domin su ne za su bibiyi alƙawarin. Saboda haka bayani biyu za ka rubuta: cikakke na kwamiti, da tatacce na zaure. Yawancin ɓarna tana faruwa ne idan aka so takarda ɗaya ta yi aikin biyu.

Saurari muryar, ka sa alama

Saurara daga farko har ƙarshe da biro a hannu. Duk inda aka ambaci suna, lamba, wuri, rana, ciwo ko zargi, rubuta mintin da abin. Misali: minti na 14, lambar asusu, minti na 22, rashin lafiyar iyali, minti na 37, zargin direba. Kada ka tsallake gaisuwa da hirar bayan an tashi, domin a nan mutane suke sakin baki, wayar kuwa tana ci gaba da ɗauka.

Abin da ake gogewa ɗungurungum

Lambobi ba a yi musu kwaskwarima, cire su ake yi: lambar asusu mai alƙaluma 10, da BVN da NIN da lambar waya masu alƙaluma 11 kowanne, da lambar mota, da adireshin gida. Wasu sukan bar alƙaluma huɗun ƙarshe na asusu. Ko wannan ba shi da amfani a zaure, sai dai ya ƙara wa ɗan damfara abin kafa hujja idan ya kira yana cewa daga banki yake.

Sai abubuwan da Dokar Kare Bayanai ta Najeriya ta 2023 ta ware a matsayin masu buƙatar kulawa ta musamman, kamar lafiyar mutum, addininsa, ƙabilarsa da ra'ayinsa na siyasa. Tiyatar matar dillali ta faɗa nan. Matar ba ta zaman, ba kuma ta yarda a yi shelar ciwonta ba. A bayanin kwamiti ya isa a ce ya kawo uzuri na iyali, an karɓa. A na zaure ko wannan ba a sawa.

Zargin direba ma a goge shi. Ba a ji ta bakinsa ba, kuma da zarar an rubuta "an ce ya karkatar da kaya", gobe babu mai ba shi lodi. Magana a baki tana wucewa, amma rubutu yawo yake yi, kuma wanda ya rubuta shi za a nema idan aka zo batun ɓata suna.

Cire suna kaɗai ba ya ɓoye mutum

Nan ne aikin yake, nan kuma aka fi tuntuɓe. Magatakarda yakan goge suna ya rubuta: "wani dillalin albasa ɗan Aliero, mai zama a Agege, wanda motarsa ta iso ranar Talata." Babu suna a ciki, amma duk wanda ke layin albasa ya gane shi tun kafin ya kai ƙarshen jimlar. Legas tana da girma, amma Hausawan sana'a ɗaya a kasuwa ɗaya sun san juna kamar yunwar cikinsu. Garin asali bai isa ya nuna mutum ba, unguwa ma haka, amma idan aka haɗa su da sana'a da rana, mutum ɗaya tak ya rage.

Maganin shi ne faɗaɗa kowane bayani har sai ya dace da mutane da yawa. "Dillalin albasa" ya koma "wani mamba". "Ɗan Aliero" a cire shi. "Ranar Talata" ta koma "a watan jiya". Kuɗin kuwa, kada ka rubuta miliyan 4 da dubu 350, domin wanda ya ji labarin bashin a kasuwa zai gane adadin nan take. Ka ce "kuɗin kaya" kawai. Auna da wannan tambayar: mutum nawa ne a zauren wannan siffar za ta iya hawa kansu? Idan ba su kai goma ba, ƙara faɗaɗawa.

Idan dole a bambanta masu magana, yi amfani da "mai ƙara" da "wanda ake ƙara", ka riƙe su haka har ƙarshe. Harufan farkon suna ba sutura ba ne, haka ma laƙabi, don a kasuwa an fi sanin mutum da laƙabinsa. A guji ɗauko magana kalma da kalma: mai karin harshen Sakkwato, ko wanda aka sani da wata rantsuwa, bakinsa zai tona shi. Faɗi ma'anar da naka kalmomin.

Bayan tacewa, na zaure zai iya zama haka: "Kwamitin sulhu ya zauna a watan jiya kan saɓanin kuɗin kaya tsakanin mambobi biyu. An sasanta, an tsara yadda za a biya. Daga yanzu duk kayan da aka sauke sai an rubuta adadin buhu, ɓangarorin biyu sun sa hannu." Darasin ya isa ga kowa, mutuncin kowa yana nan.

Gwaji kafin turawa

Ba wani amintacce wanda ya san kasuwar amma bai halarci zaman ba, ka tambaye shi ko ya gane su wane ne. In ya canka, ko da da zato ne, tambaye shi kalmar da ta nuna masa, ka gyara ta. Daga nan ka karanta wa masu rigimar su biyun, su amince.

Fayil ɗin kansa

Kada ka shafa baƙin launi a kan suna a Word ko PDF ka ɗauka ya tafi. Rubutun yana ƙasa, wanda ya kwafa ya liƙa a wani wuri zai gan shi. Buɗe sabon shafi ka rubuta tataccen bayanin daga farko, ko ka buga shi kai tsaye a matsayin saƙo. Duba sunan fayil ma, don sau da yawa an tace ciki tas amma sunan mai bashi yana kan fayil ɗin.

Muryar kanta ba ta shiga zaure ko da an yanke sunaye, domin murya ita ma shaida ce. A ajiye ta da cikakken bayanin a hannun shugaba da magatakarda, kwamiti ya sa ranar goge ta bayan an gama biya. Idan kuwa kuskure ya riga ya fita, "Delete for everyone" yana aiki ne cikin kusan kwana biyu kacal, kuma ba ya dawo da abin da wani ya riga ya ɗauki hotonsa ko ya tura gaba. Goge shi duk da haka, ka kira wanda abin ya shafa ka faɗa masa da bakinka kafin ya ji a kasuwa.