Man shafawa marar ƙamshi: abin da za ku duba kafin ku biya

'Yan uwa da kuka iso Kaduna daga Maraɗi ko Damagaram, in sanyin hunturu ya kai ku kantin kayan shafa a Kasuwar Barci ko titin Ahmadu Bello, za ku tarar rubutun jikin roba na Turancin Ingilishi ne. Kalmomi biyu ke ruɗa mai fatar da ba ta son turare.

In an rubuta "fragrance-free", ba a zuba turare a cikin man ba. Yana iya yin warin kayan haɗinsa, kamar yadda ɗanyen man kaɗanya ke yi, kuma ba lalacewa ba ce. Shi kuwa "unscented" hanci ne kawai ba ya jin komai. Sau da yawa an sa ɗan turare don ya danne warin mai, fata kuma ba ruwanta da abin da hanci ya ji. Saboda haka in mai shago ya buɗe murfi ya ce, "Hajiya, shinshina ki ji, ba ƙamshi," bai amsa tambayarki ba.

Juya robar ki karanta jerin kayan haɗi, musamman can ƙarshe. In kin ga Parfum ko Fragrance, akwai turare. Haka ma Limonene, Linalool da Geraniol, ko da gaban robar na tutiyar daga tsirrai aka samo su. Biyun farko ma in sun daɗe suna shan iska sun fi tayar da fata, shi ya sa tsohuwar roba kan dami wadda sabuwa ba ta dama ba.

Zafin da ke zuwa nan take bayan an shafa mai, fatar da hunturu ya tsattsage ce ke ƙorafi, yakan wuce in an wanke. Wanda ya fi wuyar ganewa shi ne na jinkiri. A ce kin shafa sabon mai ran Juma'a lafiya lau, sai ran Lahadi wuya da fatar ido su yi ja, ga ƙaiƙayi da ƙananan ƙuraje. Da yake kwana ɗaya zuwa uku yake ɗauka, sai a ɗora wa ruwan unguwa ko abincin Asabar laifi. In jiki ya riga ya tsani wani sinadarin turare, ba kasafai yake mantawa ba, ko a humra ya haɗu da shi.

Kafin ki shafe jiki duka, ki ɗan goga a lanƙwasar gwiwar hannu safe da yamma har kwana 7. In wurin ya yi ja, a ajiye man a koma farin basilin zalla, shi ma a duba, don akwai mai turare, har cikin na jarirai. In fuska ta kumbura ko fata na tsattsafo da ruwa, sai asibiti, a tafi da robar don likitan fata ya gani.